Yatsa a nan, kibiya a can: yadda ake gano ciwon sikirin mai taɓawa kafin a yi masa saiti

Akwai wani kantin magani da nake duba wa kwamfutoci. Wata rana yarinyar da ke zama kan kanta ta kira ni ta ce: "Malam, don Allah ka zo, kwamfutar nan in na danna wurin buga rasit sai ta soke cinikin." Da na je na tarar ta riga ta koyi dabarar kanta. Tana danna gefen maɓallin da take so da kamar yatsa biyu, saboda ta gane nan ne kwamfutar take ji. Mai kantin kuwa ya ce an riga an yi wa na'urar saiti sau uku bai kama ba, yana tunanin ko gilashin za a canja.

Gilashin lafiyarsa ƙalau. Saitin da aka yi ta yi ne bai dace da ciwon ba. Kalibireshan, wato daidaita awon taɓawa, maganin cuta ɗaya ce daga cikin cututtukan da ke sa kibiya, alamar nan da ke nuna inda aka danna a sikirin, ta kauce wa yatsa, kuma da yawa daga cikin sauran ba ya taɓa su. Saboda haka aikin farko shi ne awo: a ga ta wace fuska kibiyar ke kaucewa, kuma da nawa. Siffar kuskuren ita ke faɗin dalilinsa.

Abin da ke tsakanin yatsa da kibiya

Sikirin mai taɓawa na'urori biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Na ƙasa yana nuna hoto, na sama yana jin taɓawa, kuma ba su san juna ba. A sikirin na tebur ma kowanne da wayarsa: hoto yana bi ta `HDMI` ko `VGA`, taɓawa tana bi ta `USB`. Mai jin taɓawar bai san me aka zana a ƙarƙashinsa ba. Abin da yake faɗa wa kwamfuta kawai shi ne an taɓa shi a kashi kaza na faɗinsa da kashi kaza na tsayinsa, yawanci da lambobi irin daga 0 zuwa 4095. Kwamfuta ce ke ɗaukar wannan lamba ta mayar da ita ɗigo ɗaya cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoto, bisa zaton cewa hoton ya cika gilashin daidai, baki da baki. Bayan nan akwai mataki na uku: idan an ƙara girman rubutu da `Scale`, sai a sake raba lambar kafin a miƙa wa manhaja.

Kuskure na iya shiga a kowanne daga cikin matakan nan uku. Kalibireshan yana gyara alaƙar lambar gilashi da ɗigon hoto ne kawai. Idan ɓarnar tana mataki na uku, ko an yi saiti sau goma ba za a ga canji ba.

Fara da ganin kibiyar

Ba a auna abin da ba a gani, kuma ƙanƙantar kibiya kanta ƙorafi ce da nake yawan ji, musamman daga dattawa masu sababbin laftof. Dalilin lissafi ne. Kibiyar Windows ta asali tana cikin akwati mai ɗigo 32 a kowane gefe, kuma an tsara ta ne don sikirin mai ɗigo 96 a inci ɗaya, inda akwatin ke kai kusan milimita 8 da rabi. Laftof mai inci 13.3 da ɗigo 1920 sau 1080 tana da kusan ɗigo 166 a inci, sai akwatin ya koma ƙasa da milimita 5 idan `Scale` yana kashi 100. A sikirin 4K mai inci 15.6, idan aka bar `Scale` a kashi 100, bai kai milimita 3 ba. Kibiyar kanta ma ba ta cika akwatin ba, wani sashe kawai take ci.

A Windows 11 ana shiga `Settings`, sai `Accessibility`, sai `Mouse pointer and touch`. A Windows 10 wurin yana ƙarƙashin `Ease of Access`, kuma ma'aunin girman ya shigo ne da sabuntawar watan Mayun 2019. Ma'aunin yana tafiya daga 1 zuwa 15. Ni nakan tsaya a 3 ko 4, don idan ya wuce haka kibiyar takan rufe ƙananan maɓallai, mutum ya kasa ganin abin da zai danna. Launi yakan fi girma taimako: kibiya ruwan ɗorawa ko kore shar ba ta ɓacewa a kan farar takarda kamar yadda fara ke yi. A shafin nan dai akwai `Touch indicator`. Kunna shi, ka kuma zaɓi a ƙara wa da'irar duhu da girma, don Windows kan ɓoye kibiya idan an taɓa da yatsa, kuma da'irar ce za ta nuna maka inda kwamfuta ta ji taɓawar.

Abu ɗaya a riƙe: girman kibiya bai shafi daidaitonta ba. Ɗigo guda ɗaya ne a tsininta ke yin aiki, ko tana ƙarama ko tana ƙatuwa. Ƙara mata girma yana taimakon ido, ba ya gyara kaucewa.

Tun da kana nan, danna `Win+R`, ka rubuta wannan:

```
main.cpl
```

A shafin `Pointer Options` akwai zaɓi biyu da suka shafe mu. Na ƙasa, `Show location of pointer when I press the CTRL key`, yana zana da'ira a kewayen kibiya duk lokacin da ta ɓace maka. Na tsakiya, `Snap To`, shi ne ke sa kibiya ta yi tsalle da kanta zuwa kan maɓalli duk lokacin da ƙaramin akwatin tambaya ya buɗe. Na sha ganin wanda ya ɗauka linzaminsa, wato maus ɗinsa, ya lalace, ashe wannan ne a kunne. Cire masa alama.

Awon wurare biyar

Buɗe `Paint`, ka cika sikirin da shi, ka zaɓi siririn burushi. Yanka ƙananan salatif na takarda guda biyar, ka ɗiga wa kowanne alama da biro, ka manna ɗaya a tsakiya, huɗu kusa da kusurwoyin filin zanen. Tsaya inda mai amfani da na'urar yake tsayawa. Taɓa daidai gefen kowace alama, gefe ɗaya a dukkansu, ka duba inda ɗigon fenti ya fito. Sa rula ka auna tazarar, ka rubuta a takarda tare da fuskar da ya karkata. Minti biyar ne aikin, kuma shi ne zai hana ka ɓata yini.

Idan tazarar ɗaya ce a ko'ina, misali milimita 4 ƙasa da yatsa a dukkan wurare biyar, ko kuma tana ɗan bambanta daga kusurwa zuwa kusurwa ba tare da ta yi yawa ba, wannan aikin kalibireshan ne. Idan babu kuskure a kusurwar sama ta hagu amma yana ƙaruwa yayin da kake gangarawa dama da ƙasa, `Scale` ne. Idan tsakiya daidai take, gefuna biyu kuma suna jan kibiya zuwa ciki, hoton ne bai cika gilashin ba. Idan ka yi dama kibiya ta yi ƙasa, an juya hoto ba a juya taɓawa ba. Idan kuwa ɗigon yana fitowa wuri daban duk lokacin da ka taɓa wuri ɗaya, ko yana fitowa ba a taɓa ba, babu lissafin da zai gyara shi, ciwon na wuta ne ko na gilashi.

Yadda ta kasance a kantin maganin

Sikirin ɗin inci 21.5 ne, ɗigonsa na asali 1920 sau 1080, faɗin hotonsa kusan santimita 47 da rabi. Da na auna, tsakiya ta fito daidai. Sama da ƙasa ma babu kaucewa. Amma a gefen hagu na hoton kibiya ta faɗo kusan santimita 4 da rabi zuwa dama, a gefen dama kuma ta faɗo haka zuwa hagu. Sannan ga baƙaƙen shafe guda biyu a gefunan sikirin, waɗanda kowa a kantin ya saba da su har ba ya ganinsu.

Na tambayi mai kantin: "Alhaji, tun yaushe wannan baƙin ya fito a gefe?" Ya ce tun ranar da aka saka manhajar ciniki. Wanda ya saka ta ya mayar da `Display resolution` zuwa 1024 sau 768, saboda tsohuwar manhaja ce, a kan 1920 rubutunta ya yi ƙanana.

Ga abin da ya faru. Hoto mai 1024 sau 768 siffarsa huɗu bisa uku ce, gilashin kuwa sha shida bisa tara. Sikirin ya buɗa hoton har ya cika tsayi, wato 1080, sai faɗinsa ya tsaya a 1440. Saura 480 aka raba biyu, 240 baƙi a hagu, 240 a dama. Mai jin taɓawa bai san da wannan ba, shi dai yana aunawa daga bakin gilashi zuwa baki. Idan aka taɓa farkon hoton ta hagu, an taɓa ɗigo na 240 cikin 1920, wato kashi 12.5 cikin ɗari na faɗin gilashi. Kwamfuta ta ɗauki kashi 12.5 na hotonta, ta sa kibiya a ɗigo na 128 cikin 1024. A jikin gilashi wannan wurin yana faɗawa a 420. Daga 240 zuwa 420 akwai 180, kuma kowane ɗigo a wannan sikirin kusan rubu'in milimita ne. Ka ga santimita 4 da rabi ɗin nan da rula ta nuna. A tsakiya kuwa rabi rabi ne ta kowane lissafi, shi ya sa babu kuskure a can.

Maɓallin buga rasit yana can ƙurya ta dama, na sokewa yana hagu da shi. Duk wanda ya taɓa na farko, na biyu yake samu.

Gyaran bai buƙaci kalibireshan ba. Na share saitin da aka yi a baya, na mayar da `Display resolution` zuwa 1920 sau 1080, wanda Windows ke rubuta `Recommended` a gabansa, baƙin gefe ya tafi, kibiya ta dawo ƙarƙashin yatsa. Sai ƙanƙantar rubutu ta dawo, wadda ita ce asalin damuwar, kuma maganinta `Scale` ne. A nan ma akwai lissafi. A kashi 150, manhaja tana ganin sikirin kamar 1280 sau 720 ne, kuma 720 bai kai 768 da take buƙata ba, ƙasan tagarta zai yanke tare da maɓallan da ke wurin. A kashi 125 tana ganin 1536 sau 864, wanda ya ishe ta har da rara. Na zaɓi 125, na sa aka fita daga asusun aka sake shiga, don wasu manhajoji ba sa karɓar sabon ma'auni sai an yi haka.

Duk inda ka ga baƙi a gefen sikirin mai taɓawa, ko ka ga gefen hoto ya shige bayan firam kamar yadda talabijin ke yi idan an jona masa kwamfuta, to ka fara da nan. Haka kuma idan an jona majigi aka zaɓi `Duplicate`, wato hoto ɗaya ya fito a duka biyun: Windows kan nemi ma'aunin da na'urorin biyu za su iya ɗauka, sai laftof ta samu baƙin gefe na ɗan lokaci, taɓawa ta iya kaucewa, a cire majigi ta dawo daidai. Wanda ya yi kalibireshan a wannan hali ya ɓata saitinsa na kullum saboda matsalar awa ɗaya.

Idan kuskuren yana girma daga kusurwar hagu

Wannan yakan bayyana ne a manhaja ɗaya, sauran kwamfutar tana lafiya. Kwamfuta tana ƙirga ɗigo daga kusurwar sama ta hagu, nan ne sifili. Ɗauka `Scale` yana kashi 150, kuma wani sashe na manhajar yana lissafi da ɗigon gaske, wani sashen da ɗigon da aka raba. Ka danna a ɗigo na 300, ta ji a na 200, kuskure 100. Ka danna a na 1200, ta ji a na 800, kuskure 400. Rabon ɗaya ne koyaushe, ɗaya da rabi, shi ya sa tazarar ke faɗaɗa da nisa daga kusurwar. Alamar da ba ta ƙarya ita ce linzami na hannu ma yana yin kuskuren a cikin wannan manhajar. Gilashi ba shi da hannu a ciki.

Don tabbatarwa, mayar da `Scale` kashi 100 na ɗan lokaci. Idan kuskuren ya ɓace, ka kama ɓarawon. Mayar da ma'auninka, ka danna dama a kan alamar manhajar, ka shiga `Properties`, sai `Compatibility`, sai `Change high DPI settings`. Sa alama a `Override high DPI scaling behavior`. Zaɓi uku ne a ƙasa. `System` yana sa Windows ta bar manhajar ta zana kanta a ƙaramin girma, sannan ta buɗa hoton gaba ɗaya ta kuma fassara mata dannawa. Rubutu yakan ɗan yi dishi-dishi, amma lissafi yakan daidaita, kuma shi nake fara gwadawa ga tsofaffin manhajojin kanti. `Application` yana cire hannun Windows, rubutu ya fito tsaf amma ƙanana. `System (Enhanced)` yana ƙoƙarin haɗa biyun, wani lokaci ya yi kyau, wani lokaci ya hargitsa tagar. Rufe manhajar ka sake buɗewa bayan kowane gwaji.

Sikirin biyu, taɓawa ta tafi maƙwabta

Idan ka taɓa sikirin na waje amma laftof ce ta amsa, Windows ce ba ta san wace wayar taɓawa ke tare da wane hoto ba. Rubuta `calibrate` a wurin nema, ka buɗe `Calibrate the screen for pen or touch input`. Taga mai suna `Tablet PC Settings` za ta fito. Danna `Setup`. Sikirin zai yi fari da rubutu a kai. Idan rubutun yana kan wanda ba na taɓawa ba, danna `Enter` ya koma na gaba. Idan ya iso kan na taɓawar, taɓa shi da yatsa ɗaya. Yi wannan kafin kalibireshan, ba bayansa ba.

Kalibireshan ɗin kansa

Yanzu hoto ya cika gilashi, ma'aunin ɗigo na asali ne, taɓawa tana kan sikirin da ya dace, amma har yanzu akwai ɗan kaucewa mai tsayayyar siffa. Nan ne saiti ke da amfani. Abin da yake yi mai sauƙi ne. Yana nuna maka alama a wurin da ya san lambarsa, ka taɓa, ya rubuta lambar da gilashi ya bayar, ya kwatanta. Misali, gilashin da ake zaton zai ba da 0 a bakin hagu da 4095 a bakin dama, a zahiri yana iya ba da 200 da 3900. Idan kwamfuta ta san haka, sai ta riƙa cire 200 daga kowace lamba, ta raba da 3700, kibiya ta faɗi daidai.

Ba kowane gilashi ke buƙatar wannan daidai da wani ba. Irin wanda sai an ɗan matsa, mai laushin fuska, wanda ke amsa farce ko bayan biro, shimfiɗa biyu ne da ke haɗuwa idan an danna, kuma yana auna wuri ne da ƙarfin lantarki. Wannan yakan goce da tsufa da zafi, kuma shi ne aka fi samu a tsofaffin kwamfutocin kanti da injinan masana'anta. Shi kan so saiti lokaci zuwa lokaci. Irin na wayar hannu da laftof kuwa, mai tauri da ke jin fatar yatsa, an daidaita shi tun daga masana'anta, kuma da wuya ya goce. Idan irin wannan ya kauce da santimita guda ko fiye, ni ban yarda kalibireshan ne matsalarsa ba sai na gama binciken duk abin da ke sama.

A tagar `Tablet PC Settings`, zaɓi sikirin ɗin a ƙarƙashin `Display`. Idan maɓallin `Reset` yana aiki, wato akwai tsohon saiti, danna shi tukuna, ka sake awon wurare biyar. Sau da dama a nan aikin ke ƙarewa, saboda tsohon saitin ne ya karkata. Idan kuskuren yana nan, goge gilashin, ka danna `Calibrate`. Karon farko Windows tana neman wurare 16, mafi yawansu a kusurwoyi, daga baya kuma 4 kawai take nema sai in an share. Taɓa tsakiyar kowace alama sau ɗaya, kada wani yatsa ko hannun riga ya goga gilashi. Idan ka kuskure wani wuri, danna dama da linzami ya mayar da kai baya, ko `Esc` ka fita ka sake daga farko. Kada ka adana saitin da ka san hannunka ya zame a cikinsa.

Abin da aka fi yin sakaci da shi shi ne inda ido yake. Tsakanin fuskar gilashi da hoton akwai kauri, a wasu na'urorin kanti milimita da dama. Wanda ke kallo daga sama yana ganin alamar a wani wuri, wanda ke kallo daga gefe yana ganinta a wani. Idan mai gyara dogo ne ya yi saitin a tsaye, mai aiki kuma tana zaune kan kujera, ya daidaita na'urar da idonsa ne. Shi ya sa nakan ce: "Ƙanwata, zauna yadda kika saba, ke za ki taɓa." Kuma da abin da ake aiki da shi kullum za a yi, yatsa in yatsa ne, alƙalami in alƙalami ne. Windows tana ajiye saitin alƙalami daban da na yatsa.

Idan ka nemi `Tablet PC Settings` ba ka same shi ba, duba `Settings`, `System`, `About`, layin `Pen and touch`. In ya ce babu taɓawa alhali gilashin yana amsawa, to direbansa, wato manhajar da ke haɗa shi da Windows, yana gabatar da shi ne a matsayin linzami. Irin wannan sai da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, kamar `eGalaxTouch` ko ta Elo. A ta eGalax akwai saitin wurare 4, akwai kuma na 9 ko 25 don gilashin da ya karkace a tsakiya ba a baki kaɗai ba. Kada a haɗa saitin kamfani da na Windows a kan na'ura ɗaya, gyara biyu a kan juna sabon kuskure suke haifarwa.

Ga masu Linux

A kwamfutar Linux mai aiki da tsarin nuna hoto na X11 lissafin a fili yake, har ma ya fi bayyana abin da saiti ke yi. Fara da ganin na'urori, sannan ka ɗaure taɓawa da sikirin ɗinta. Lamba 11 da sunan `HDMI-1` misali ne, naka za ka gani a `xinput list` da `xrandr`.

```
xinput list
xinput map-to-output 11 HDMI-1
```

Da a ce kwamfutar kantin nan dole ta zauna a 1024 sau 768, ana iya gyarawa da hannu. Hoton ya ci kashi 75 na faɗin gilashi, ya fara daga kashi 12.5. Ɗaya a raba da 0.75 ya ba da 1.3333, wannan kuma a ninka da 0.125 ya ba da 0.1667, wanda za a cire:

```
xinput set-prop 11 "Coordinate Transformation Matrix" 1.3333 0 -0.1667 0 1 0 0 0 1
```

Gwada da kanka: 0.125 sau 1.3333 a cire 0.1667 sifili ne, bakin hagu na hoto ke nan. Wannan saitin yana gogewa idan an kashe kwamfuta, sai an sa shi cikin abin da ke tashi da ita, kuma ba ya aiki a Wayland, tsarin da ke maye gurbin X11. Girman kibiya a GNOME kuwa 24 ne na asali, ana ninka shi haka:

```
gsettings set org.gnome.desktop.interface cursor-size 48
```

Kibiyar da ke tsalle ba a taɓa ta ba

Saura wanda ba shi da siffa. A nan abin da na fi kamawa shi ne caja. Gilashi mai jin fatar yatsa yana auna canjin lantarki ne ɗan ƙanƙani, kuma caja mara kyau, ko soket mara wayar ƙasa, ko wutar ƙaramin janareta da wasu inbatoci, suna shigar masa da hayaniyar da yake ɗauka taɓawa ce. Gwajin ba ya cin ko sisi: zare caja, bar laftof a kan batir, ja layi a `Paint` a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan layin ya miƙe a kan batir amma ya yi zigizag da caja, ka san abin da za ka canja. Jiƙaƙƙen hannu da ɗigon ruwa a gilashi su ma suna yin haka.

Manyan allunan aji da na ɗakin taro da yawa suna aiki ne da hasken da ido ba ya gani, wanda ke ratsawa tsakanin gefunan firam. Duk abin da ya tare hasken taɓawa ne a wurinsu, ko ƙuda ne. A lokacin hunturu ƙura takan taru a kwarin firam na ƙasa, sai kibiya ta riƙa komawa wuri ɗaya a ƙasan allo. Busasshen ƙyalle mai laushi a bi cikin firam ɗin kewaye, kuma a kare allon daga hasken rana kai tsaye.

Don raba gardama tsakanin gilashi da linzami, buɗe `Device Manager`, ka shiga `Human Interface Devices`, ka danna dama a kan `HID-compliant touch screen`, ka zaɓi `Disable device`. Ka tabbata akwai linzami a jone kafin ka yi. Idan tsallen ya tsaya, daga gilashi yake. Idan ya ci gaba, duba faifan shafa na laftof, wanda tafin hannu ke gogawa lokacin rubutu, ko linzamin da aka ɗora kan tebur mai gilashi ko mai sheƙi.

In kuma layin da ka ja a `Paint` yana yankewa a wuri ɗaya kullum, kamar wani zirin sikirin ya mutu daga sama zuwa ƙasa, ko gilashin ya tsage, ko batirin laftof ya kumbura yana turo shi daga ciki, sashen da ke jin taɓawa ne ya lalace, ko wayarsa ta saki. Batir mai kumburi a daina yi masa caji, a cire shi tukuna. Kafin a samu sabon gilashi, bar `HID-compliant touch screen` a kashe, kwamfutar za ta ci gaba da aiki da linzami kamar kowace.